Fuska Ɗaya, Haske Iri-Iri: Lacca Kan Daidaita Kalar Fuskar da Aka Sauya a Fim

 

Maganarmu ta yau a kan aiki ɗaya ce: an ɗauki fim da jikin mutum guda, an ɗora masa fuskar wani, to yaya za a yi kalar wannan fuska ta zauna daram daga ɗauka zuwa ɗauka, ko da haske ya sauya? Aikin ba sabo ba ne a manyan masana'antun fim. A fim ɗin The Social Network na 2010, Armie Hammer ne ya fito a matsayin tagwaye biyu, amma a wurare da yawa jikin ɗayan na Josh Pence ne, fuskar Hammer aka ɗora a kai. A Furious 7 na 2015 kuwa, Paul Walker ya rasu a Nuwamban 2013 ba a gama ɗauka ba, sai aka kammala da jikin 'yan'uwansa, Caleb da Cody. Duk abin da zan faɗa na gina shi ne a kan irin wannan aiki, wanda mai fuska ko magadansa suka sa hannu, mai jiki ma ya sa hannu. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a sana'ar: tana cikin abubuwan da 'yan wasan Amurka suka yi yajin aiki a kansu a 2023. Wanda ya ɗora fuskar mutum ba da izininsa ba ya fita daga sana'armu, ya shiga wata hanya dabam.

Bari in fara da kuskuren da kusan kowa yake yi da farko. Mai tacewa ya sami fuskar jarumi a ɗauka ta farko ta yi kyau, sai ya ce to wannan kalar ita ce ta gaskiya, ya kwafe ta ya liƙa wa sauran ɗaukar. A ransa ya daidaita. Amma fuskar mutum ba ta riƙe kala ɗaya a fim. A rana tana da kala, a inuwa tana da wata, kusa da fitila tana da wata. Abin da ba ya sauyawa shi ne dangantakar fuskar da wuyan da ke ƙarƙashinta, da kunne, da bayan hannu, domin haske ɗaya ke dukansu. Idon mai kallo ba ya auna kalar kunci shi kaɗai. Yana kwatanta shi da abin da ke kusa da shi. Saboda haka abin da muke tsarewa ita ce wannan dangantaka, kalar kuma mu bar ta ta bi haske duk inda ya je.

Waɗanda suka yi Rogue One a 2016 sun ci karo da wannan. Sun dawo da fuskar Peter Cushing, wanda ya rasu a 1994, a kan jikin Guy Henry. Sai suka lura cewa in aka haska fuskar da irin hasken tsohon fim ɗin da Cushing ya fito a ciki a 1977 ta fi kama da shi, amma sai ta ƙi zama cikin sabon fim, domin sauran 'yan wasan da ke tsaye kusa da shi wani haske dabam ke kansu. Dole kamanni ya ɗan rage domin fuskar ta zauna a ɗakin da take.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Fitowa ce mai ɗauka uku. Jarumi ya taho a guje kan babur da rana tsaka, ya yi tsalle ya sauka. A ɗauka ta biyu ya ruga cikin zaure, wato daga rana zuwa inuwa. A ta uku yana cikin ɗaki, kwan fitila mai ruwan ɗorawa yana gefensa. Jarumin bai iya wannan tsalle ba, don haka wani gwanin babur ya yi a madadinsa. Zan riƙa kiransa madadi.

Matakin farko yana faruwa ne tun ba a taɓa fuska ba, kuma shi ne tambayar: a wane ma'auni hoton yake? Kyamarori masu kyau suna ajiye hoto a tsarin da ake kira log, irin S-Log3 na Sony, inda ake matse haske mai yawa cikin lambobi kaɗan. Shi ya sa hoton yake fitowa fari-fari kamar an yi hazo. Katin toka mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske yana zama wajen kashi 41 a S-Log3. Hoton da muke gani a talabijin kuma, wato Rec.709, an riga an lanƙwasa shi: an danne wurare masu haske, an zurfafa masu duhu. Duk waɗannan biyun ba su ne hasken kansa ba. Akwai na uku, wanda ake kira liniya, inda in haske ya ninka biyu lamba ma ta ninka biyu. A nan kaɗai ne lissafin haske yake tafiya daidai, domin haske a kan fata ninkawa yake yi: kalar fata sau kalar fitila shi ne abin da kyamara ta gani.

Matsalar ita ce yawancin manhajojin sauya fuska sun saba da hoto irin na allo, mai bit 8, wato matakai 256 a kowace kala. Kyamara kuma ta ba ka bit 10, matakai 1024. To abin yi shi ne ka fitar wa manhajar kwafi ta hanyar juyi guda ɗaya da ka sani, wanda kuma ake iya mayarwa baya, ka yi amfani da shi ga dukkan ɗauka ukun ba tare da sauyi ba. In fuskar ta fito, ka mayar da ita liniya ta wannan hanyar, ka haɗa ta da asalin hoton a can. Kada a ba manhajar hoton da mai gyaran kala ya riga ya yi wa ado. In aka yi haka, ranar da darakta ya ce a ƙara wa fitowar ɗumi, sai fuska ta tsaya a tsohuwar kala, jiki ya tafi sabuwa. Tsarin shi ne: a ɗora fuska tukuna, gyaran kala na ƙarshe ya biyo baya ya rufe hoton gaba ɗaya, fuska da bango da babur.

Yanzu ga abin da nake so ku tafi da shi. Fuskar madadi, wadda za a rufe, ita ce mafi ingancin ma'aunin haske da kuke da shi. Tana daidai wurin da sabuwar fuska za ta zauna, tana kallon inda za ta kalla, a daidai wannan firam. Mutane suna ɗaukarta abin zubarwa, alhali duk labarin hasken yana rubuce a kanta.

Domin a iya karanta wannan labari, ana bukatar ɗauka ɗaya ta gwaji a ranar aiki. A tsayar da jarumi da madadi kafaɗa da kafaɗa, a haske mai laushi marar kala, da katin toka a tsakaninsu, ko allon kaloli mai gida 24 in akwai. Minti biyu ya isa. Daga nan sai a auna kuncin kowannensu. Lambobin da zan kawo na misali ne, domin a ga yadda lissafin yake. A ce kuncin madadi a hasken gwaji ya ba da ja 0.100, kore 0.060, shuɗi 0.045. Na jarumi kuma, wanda ya ɗan fi shi haske, ja 0.120, kore 0.075, shuɗi 0.055.

Sai mu je cikin zaure. A can kuncin madadi ya zama ja 0.040, kore 0.027, shuɗi 0.027. Raba kowace lamba da takwararta ta gwaji, ka sami 0.40 da 0.45 da 0.60. Waɗannan lambobi uku su ne hasken zauren: ya rage komai, amma ya fi rage ja, ya fi barin shuɗi, domin inuwa daga sararin sama take samun haskenta. Hasken rana da muke saita kyamara a kai yana wajen Kelbin 5600, na inuwa yakan haura 7000, kwan fitila irin na da kuma yana wajen 3000. Yanzu ninka kalar jarumi da waɗannan lambobi: ja 0.048, kore kusan 0.034, shuɗi 0.033. Ga kalar da fuskarsa za ta yi da shi ne ya shiga zauren da kansa.

```
haske = madadi_a_shot / madadi_a_gwaji
fuska = jarumi_a_gwaji * haske
```

Akwai sharaɗi a nan: fuskar da manhaja ta fitar sau da yawa ta riga ta kwaso wani haske daga hoton, rabi daidai rabi kuskure. Don haka lambobin da muka samu su ne inda za a kai ta. Ka auna abin da ta fito da shi, ka ninka har ya kai can.

Wani zai ce to ai yanzu fuska ta fi wuya haske, tunda jarumi ya fi madadi haske. Gaskiya ne, kuma wannan shawara ce da ake yankewa sau ɗaya tak. Ko dai a ɗaga wuya da kunne da hannun madadi zuwa kalar jarumi, wanda a misalinmu ninki ne na 1.20 da 1.25 da kusan 1.22, ko a fara da kwalliya tun wurin ɗauka. Ni na fi son a kai jiki wurin fuska, domin a sauran fim ɗin jarumi da kansa ne yake fitowa, mai kallo kuma ya riga ya san kalarsa. Wannan ninki na fata ba ya sauyawa a rana ko a zaure ko a ɗaki. Shi ne abu ɗaya da aka kulle. Ninkin haske shi ne mai yawo. Yawancin aikin da ya lalace, in ka bincika, an cakuɗa waɗannan biyun ne wuri guda, sai mutum ya koma yana gyara kowace ɗauka da ido, yana neman kala kamar tela mai neman ƙyallen faci da zai dace da rigar da ta riga ta koɗe.

Lamba uku kacal ba za su ishi ɗauka ta uku ba. A ɗaki fitila tana gefe ɗaya, don haka kuncin dama ruwan ɗorawa ne mai haske, na hagu kuma duhu ne, wataƙila da ɗan shuɗi daga taga. Sai a yi wannan rabon a kowane wuri na fuska maimakon a kunci ɗaya, a sami taswirar haske. Amma dole a dusashe taswirar sosai kafin a yi amfani da ita, har sai gira da gashin baki da tabo sun ɓace, saura haske kawai. In madadi yana da tsage a kunci aka dusashe kaɗan, za ka ga inuwar tsagen tana leƙowa a fuskar jarumin da ba shi da shi. A kuma kula a dusashe cikin iyakar fata kaɗai. In aka bar hula fara ko bango kore suka shiga lissafin, sai gefen goshi ya ɗauki kalarsu, fuska ta sami zobe.

A nan ya kamata in tsaya kan fatarmu, domin yawancin darussan da ake samu an yi su ne da farar fata a zuciya. Hasken da ke fitowa daga fuska kashi biyu ne. Akwai wanda ya shiga cikin fata ya fito ɗauke da kalarta. Akwai kuma ƙyalli, wanda ya dawo daga saman fata, daga maiƙo da gumi, shi kuma kalar fitilar yake ɗauke da ita. Ƙyallin nan kusan ɗaya ne a kan kowace fata, wajen kashi 3 cikin ɗari in haske ya faɗo kai tsaye, ya fi haka in ya zo ta gefe. Amma baƙar fata tana shanye mafi yawan hasken da ya shiga cikinta, don haka ƙyalli yana da babban rabo a abin da ake gani. Shi ne yake zana goshi da karan hanci da ƙashin kunci. Idan ka ninka fuskar duka da lamba ɗaya domin ka kai ta kalar fata, ka rina ƙyallin ma, sai goshi ya yi ja-ja kamar an shafa jan ƙasa. A babur da rana, ƙyallin goshi ya kamata ya ɗauki kalar sama da rana, kamar yadda yake a wuya da hannu. Abin da nake yi shi ne in ware wurare masu ƙyalli daban, in auna kalar fata a inda babu shi, sannan in mayar da ƙyallin a kai ta hanyar tarawa, da kalar hasken wurin. Sau da yawa ƙyallin madadi kansa, in an ɗan dusashe shi, ya fi wanda manhaja ta ƙirƙira.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ya raba bidiyo da hoto. Manhajojin sauya fuska suna da maɓallin daidaita kala da kansu. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin ta samo asali ne daga aikin Erik Reinhard da abokansa a 2001: a auna matsakaicin kala da yawan bambancinta a hoto ɗaya, a tilasta wa ɗayan ya yi daidai. A hoto tsayayye tana aiki. A bidiyo kuwa, in ana sake awon a kowane firam, duk abin da ya shigo cikin iyakar fuska yana girgiza lissafin. Madadi ya buɗe baki, fararen haƙora sun ɗaga matsakaici. Ya ƙifta ido, ya sauka. Hannu ya gifta, ya sake sauyawa. Sakamakon shi ne fuska mai ɓal-ɓal, tana haske tana duhu, alhali wuya yana zaune lafiya. Haka ma hanyar narkar da gefe ta Poisson, wadda Pérez da abokansa suka wallafa a 2003, kuma take cikin OpenCV da sunan seamlessClone: tana ɗauko kala daga bakin iyaka ta baza ta ciki, don haka in iyakar ta motsa kaɗan ta taɓa hula, fuska duka ta sauya.

Magani shi ne a auna a ƙananan wurare da aka zaɓa, kamar kunci da gefen goshi, a bi su da tirakin, sannan a lallaɓa lambobin a kan firam biyar zuwa tara. Amma a lura da zauren nan namu. Mutumin da ke gudu yana ƙetare bakin ƙofa cikin firam shida ko makamancin haka. In ka lallaɓa a kan firam 25, wato daƙiƙa guda a fim mai firam 25, fuska za ta fara duhu tun yana waje, ta ci gaba da haske bayan jiki ya shiga inuwa. Kusan rabin daƙiƙa ke nan ta kowane ɓangare, kuma ido yana kama shi. A irin wannan wuri gara ka zana lanƙwasar da hannu: ka dubi wuya firam bayan firam, ka sa alama inda duhu ya fara da inda ya ƙare. Hasken da ya sauya da gaske a bi shi da saurinsa. Girgizar awo kaɗai ake sharewa.

Akwai ɓal-ɓal na gaskiya ma da ba a sharewa daga fuska ita kaɗai. Wutarmu tana juyi 50 a daƙiƙa, fitila tana bugawa sau 100. Da firam 25 da shata ɗaya bisa 50 komai lafiya. Amma in janareta ne, juyinsa yana tangaɗi, sai ɗakin duka ya riƙa numfashi a hoto. In ka lallaɓa fuska ka bar ɗaki yana numfashi, ita ce za ta fita dabam. Ko a gyara hoton gaba ɗaya kafin a ɗora fuska, ko a bar fuska ta yi numfashin tare da kowa.

A wurin yanka kuma doka ɗaya ce: lissafi ya tsaya, a fara sabo. In aka zuba fitowar duka cikin manhaja kamar fayil ɗaya, lallaɓawar tana tsallake yanka, sai firam uku ko huɗu na farkon ɗaki su zo da shuɗin zaure a fuska kafin ta dawo daidai. Wannan alama ce da ake gane aikin gaggawa da ita. A raba kowace ɗauka fayil ɗinta, daga asalin abin da kyamara ta ɗauka, da rarar firam takwas ko goma a gaba da baya. Jerin yanka daga wurin mai tacewa ya fi aminci. In babu, ffmpeg yana iya nemo su, ko da yake walƙiya ko fitilar mota suna ruɗa shi:

```
ffmpeg -i fitowa.mov -vf "select='gt(scene,0.4)',showinfo" -f null -
```

To yaya za ka san ka yi daidai? Kada ka yarda da idonka bayan awa uku a gaban allo, domin ido yana sabawa da kuskure har ya daina ganinsa. Buɗe Vectorscope a DaVinci Resolve ko abin da kake aiki da shi, ka keɓe ɗan wuri a kunci da ɗan wuri a wuya. Akwai layin fata a jikinsa, wajen digiri 123, wanda fatar mutane, baƙa da fara, take kwantawa kusa da shi a farin haske. Kada ka tilasta wa fuskar zaure ta hau wannan layi, domin a inuwa wuya ma ya sauka daga kansa. Abin da kake nema shi ne ɗigon kunci da na wuya su kasance tare, kuma ɗan tazarar da ke tsakaninsu ta zama iri ɗaya a ɗauka ukun. Sannan ka dubi mafi duhun wuri a fuska, cikin hanci ko kusurwar baki, ka kwatanta da mafi duhun wuri a jiki. A ranar hazo baƙin hoton duka yana ɗagawa ya yi fari-fari, kuma fuskar da baƙinta ya fi na kewaye zurfi tana fitowa kamar an manna ta. Wannan da tarawa ake gyara shi, ninkawa ba ta taɓa shi.

Saura tsakin hoto. Kyamara tana zuba wa hoto ɗan tsaki-tsaki, ya fi yawa a duhu, ya kuma fi yawa a shuɗi. Fuskar manhaja tana fitowa sumul. A cire tsakin daga kwafin da za a ba manhaja, a ajiye shi, a mayar a kan fuskar bayan an gama. In ba haka ba, da mai gyaran kala ya ɗaga duhun ɗaki, bango zai yi tsaki, fuska ta zauna kamar roba, ko da kalarta daidai take.

Akwai inda duk wannan lissafi yake ƙarewa. Taswirar haske tana ɗauka cewa fuskokin biyu siffarsu kusan ɗaya ce. In madadi yana da dogon hanci jarumi kuma gajere, fitilar gefe za ta jefa inuwa mai tsawo a kuncin da ba shi da abin da zai jefa ta. Ninki ba ya matsar da inuwa. A nan sai a zana da hannu, ko a gina kan jarumi a komfuta a haska shi da irin hasken wurin, wanda shi ne dalilin da manyan kamfanoni suke ɗaukar ƙwallon toka da ƙwallon madubi a kowane wurin ɗauka. Ga masu ƙaramin kasafi, hanya mafi sauƙi tana hannun darakta da mai ɗaukar hoto: a zaɓi madadi mai siffar kai kusa da ta jarumi, a sassauta fitilar gefe da farin ƙyalle, a kuma shirya ɗauka ta uku yadda za a yanka zuwa jarumin da kansa da zarar tsalle da gudu sun ƙare.